Kusan awa uku a mako: lissafin da za a kai wa hedimasta kan shafukan makaranta

A makarantu masu zaman kansu da yawa, a Kano ko Kaduna ko Zariya, akwai malami guda da ke ɗauke da aikin da babu shi a takardar ɗaukarsa aiki. Galibi malamin kwamfuta ne, ko kuwa wanda ya fi kowa ƙuruciya a ofishin malamai, wanda wata rana mai makaranta ya dube shi ya ce, "Malam, tunda kai ka iya waya, riƙe mana shafin nan." Daga ranar ya zama shi ne bakin makarantar a Facebook da Instagram da WhatsApp. Shi ke ɗora hotunan bikin yaye ɗalibai, shi ke tura sanarwar hutu, shi ne kuma wanda uba zai aiko wa saƙo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana tambayar ko gobe akwai makaranta.

Yawancin wannan aiki maimaici ne, kuma akwai manhajojin da za su iya ɗauke wani ɓangare nasa: a rubuta sanarwa yau, a sa mata rana da lokaci, ta fita da kanta, a rubuta amsa sau ɗaya, ta riƙa zuwa wa duk wanda ya yi tambaya iri ɗaya. Matsalar ita ce malamin ba shi da ikon canja tsari shi kaɗai. Sai ya kai takardar shawara gaban hedimasta ko firinsifal, kuma a nan ne irin waɗannan takardu suka fi mutuwa, domin ana cika su da zancen zamani da tafiya da duniya, alhali shugaban makaranta tambayoyi uku ne a ransa: nawa zan kashe, me zan samu, kuma idan abu ya ɓaci sunan wa zai ɓaci?

Takardar da za ta amsa waɗannan tambayoyi ba a kan tebur ake fara ta ba. Ana fara ta ne da ɗan littafin rubutu da agogo, mako biyu kafin a rubuta kalma ɗaya.

Awo kafin alkawari

A ɗauki misalin wata makaranta mai nazare da firamare da ƙaramar sakandare, ɗalibai 600, iyaye kimanin gida 400, da rukunin WhatsApp 12, ɗaya ga kowane aji. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, kowace makaranta za ta sa nata, amma hanyar lissafin ba ta canjawa.

Malamin ya yi mako biyu yana rubuta duk abin da ya yi wa shafukan da minti nawa ya ci. Da ya raba biyu, sai mako ya fito masa kamar haka. Yana ɗora abu 5 a Facebook da Instagram, kowanne na cin minti 25, domin sai ya nemo hoto a cikin ɗaruruwan da ke wayarsa, ya yi rubutu da Hausa da Turanci, ya ɗora a nan, ya koma ya ɗora a can, ya jira sabis. Minti 125 ke nan. Saƙonnin iyaye da masu neman gurbi suna kai 60 a mako, kowanne minti 3, wato minti 180. Sanarwa biyu da yake bi rukuni-rukuni yana turawa suna cin minti 30. Duba abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin hotuna, minti 10 a rana sau 6, minti 60. Jimilla minti 395, wato awa 6 da minti 35.

Abin da littafin ya fi tonawa ba jimillar ba ce. Cikin saƙonni 60 ɗin nan, 40 tambayoyi biyar ne kawai ke sauya riga: nawa ne kuɗin makaranta, yaushe za a koma, akwai gurbi a aji kaza, ina lambar asusun banki, ƙarfe nawa ake tashi ranar Juma'a. Haka kuma cikin abubuwa biyar da ake ɗorawa, uku ko huɗu an san da zuwansu tun farkon zango, domin suna cikin kalandar makaranta: ranar komawa, taron iyaye da malamai, hutun tsakiyar zango, jarrabawa, ranar karɓar sakamako. Waɗannan biyun, tambayar da ke maimaituwa da ranar da aka sani, su ne kaɗai abin da na'ura za ta iya ɗauka. Sauran na mutum ne, kuma takarda mai gaskiya za ta faɗi haka tun a shafin farko.

Kayan aikin da ba su cin ko kwabo

Ga Facebook da Instagram, kamfanin Meta da ya mallake su yana da manhaja kyauta mai suna Meta Business Suite, tana aiki a waya da kwamfuta. Sharaɗinta shi ne makarantar ta kasance da shafi na hukuma, ba asusun wani mutum da aka sa wa sunan makaranta ba, kuma a mayar da Instagram ɗin asusun sana'a a haɗa shi da shafin. Idan aka yi haka, a sashen `Planner` ana ganin mako ko wata kamar kalanda, a rubuta abu sau ɗaya, a zaɓi ya fita a duka biyun, a sa masa rana da awa. A sashen `Inbox` kuwa akwai `Automations`, inda ake rubuta amsar da za ta tarbi duk wanda ya aiko saƙo, da jerin tambayoyin da mutum zai danna ya ga amsarsu nan take.

A nan ne minti 25 ke komawa 12. Ba sauri na'ura ta fi malamin ba. Dalilin shi ne ya daina tashi ya zauna sau biyar. Yakan zauna sau ɗaya, misali ranar Alhamis bayan tashi, hotuna a babban fayil guda, allon zane mai tambarin makaranta a shirye a Canva, sai dai ya canja rubutu da kwanan wata. Awa ɗaya ta ishi mako.

WhatsApp shi ne inda iyaye suke da gaske, kuma shi ne ya fi taurin kai. Manhajar WhatsApp Business kyauta ce, tana da abubuwa uku da suka dace da makaranta. `Greeting message` na zuwa wa wanda ya rubuto karo na farko, ko wanda ya yi kwana 14 bai rubuto ba. `Away message` na amsawa a wajen lokutan aikin da aka saka. `Quick replies` kuwa ba ya tafiya da kansa: malami ne zai danna alamar `/` ya zaɓi amsar da aka ajiye, ya tura. Amsar da take cin minti uku ta koma rabin minti, kuma lambar asusun da ke ciki ba za ta taɓa zuwa da kuskuren yatsa ba.

Saƙon bayan tashi zai iya zama gajere kamar haka: "Assalamu alaikum. Mun gode da saƙonku. Ofis a rufe yake yanzu, za a amsa muku gobe daga ƙarfe 8 na safe in sha Allah. Wannan amsa ce da ke zuwa da kanta. Idan abin gaggawa ne da ya shafi yaro, a kira lambar ofis kai tsaye." Jimlar da ke cewa amsar da kanta take zuwa ba ado ba ce. Idan babu ita, dattijo zai ɗauka hedimasta ne ya amsa masa, ya ci gaba da zuba bayani, ya ji shiru, ya kwana da fushi.

Batun sanarwa fa? Mutane da yawa kan fara tunanin jerin watsa saƙo, amma yana da iyaka biyu: ba ya ɗaukar fiye da lamba 256 a jeri guda, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar makarantar a wayarsa. Gida 400 na nufin jeri biyu, da iyayen da ba za su taɓa sanin an yi sanarwa ba. Abin da ya fi dacewa da makarantar da ta riga ta mallaki rukunin azuzuwa shi ne `Communities`, wanda WhatsApp ya fito da shi a 2022: a tara rukunai 12 a ƙarƙashin inuwa ɗaya, a sami zauren sanarwa guda da shugabanni kaɗai ke iya rubutu a ciki. Akwai kuma `Channels` da ya zo a 2023, sai dai wannan a buɗe yake ga duk wanda ya nemo shi, don haka ya fi kyau da tallan ɗaukar ɗalibai, ba da labarin da ya shafi iyaye kaɗai ba.

Wani zai zo ya ce yana da manhajar da ke tura saƙo dubu a WhatsApp da dannawa ɗaya, ko irin su GB WhatsApp. Kada ta shiga takardar. WhatsApp na rufe lambobin da ke amfani da manhajojin da ba nasa ba ko masu tura saƙo barkatai, kuma lambar da za a rufe ita ce wadda ke jikin allon ƙofar makaranta da kowane rasit.

Lissafin lokaci

Yanzu sai a sake jera makon. Ɗora abubuwa, minti 60. Saƙonni 40 masu amsa a ajiye, minti 20. Sauran 20 da ke buƙatar tunanin mutum suna nan da mintinsu 60. Sanarwa biyu, minti 10. Duba abin da jama'a suka rubuta bai ragu ba, minti 60 ne har yanzu, domin na'ura ba ta san wane rubutu ne yabo ba, wane ne habaici. Sannan akwai sabon aiki da babu shi a da: leƙa jerin abubuwan da ke jiran fita kowace safiya, minti 15 a mako. Jimilla minti 225, awa 3 da minti 45.

Bambancin minti 170 ne, wato awa 2 da minti 50 a mako. Bai kai rabin aikin ba. Masu tallan manhaja kan yi alkawarin da ya fi haka nesa ba kusa ba, amma hedimastan da ya ga an rubuta "za a rage kashi 43 cikin 100" tare da littafin awo a maƙale zai fi yarda da wanda ya ce masa aikin zai ƙare gaba ɗaya. A zango mai mako 13, minti 170 na zama minti 2,210, kusan awa 37. Idan darasi minti 40 ne, darussa 55 ke nan. Wannan shi ne adadin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe, domin shugaban makaranta da darasi yake auna rana, ba da minti ba.

Sai dai akwai bashin da za a fara biya. Tsara kalandar zango da allunan zane zai ci awa 5. Zama da basa don rubuta amsoshin kuɗi daidai da abin da ke takarda, awa 3. Haɗa asusai da kulle su, awa 2. Takardun amincewar iyaye da tace hotuna, awa 4. Koya wa malami na biyu, awa 2. Awa 16 ke nan, minti 960. Idan aka raba da 170, sai a mako na shida ne ake fita daga bashi a fara cin riba. Ribar zangon farko, kenan, ba awa 37 ba ce, awa 21 ce. Wanda ya ɓoye wannan zai sha kunya a mako na uku, lokacin da hedimasta ya same shi a ofis ya fi da shagala.

Lissafin kuɗi, da dalilin ƙin biyan dala

A ce albashin malamin naira 80,000 ne a wata, ɗan sama da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Idan yana aikin awa 160 a wata, awarsa naira 500 ce. Awa 37 ɗin nan, in aka mayar da su kuɗi, ba su wuce naira 18,500 a zango ba. Kuɗi ne kaɗan, kuma wannan adadi shi ke yanke hukunci kan duk wata manhaja ta biya.

A duba Buffer, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin tsara wallafa. Tsarinsa na kyauta yana ɗaukar shafuka uku, kowanne da abu goma a jerin jira. Na biya kuwa ya daɗe a kan kimanin dala 6 ga kowane shafi a wata. Shafi biyu dala 12 ne. Idan aka lissafa dala a naira 1,500, naira 18,000 ke nan a wata, naira 54,000 a wata ukun zango. An kashe kusan ninki uku na abin da aka tsira da shi, a kan aikin da Meta Business Suite ke yi kyauta, kuma ba a taɓa WhatsApp ba, inda mafi yawan lokacin ke zurarewa. Ga kuma sharrin canji. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ta ɗaure kanta da biyan dala a wancan lokaci ta wayi gari kuɗin ya ninka uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba.

Kyauta ma ba ta da tabbas na har abada. Hootsuite ya rufe tsarinsa na kyauta a 2023, a shekarar ce kuma Twitter ya fara cajin kuɗi kan ƙofar da manhajoji ke bi su yi wallafa a madadin mutum. Saboda haka kalandar da rubuce-rubucen su zauna a takardar Google Sheets ko ma a littafi mallakar makaranta. Idan manhaja ta canja hali, a kwashe kaya a koma wata.

Kuɗin da ke da dalili na kayan hannu ne. A misalinmu, wayar makaranta ta kanta a naira 120,000 da batirin caji na tafi-da-gidanka a naira 20,000. Idan suka yi shekara uku, zango tara, kowane zango ya ɗauki kimanin naira 15,500. Data kuwa, a ce naira 8,000 a wata, ba sabon kashewa ba ce. Ana sayenta tun da, sai dai daga aljihun malamin take fita, kuma ta ƙara nauyi tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Takardar dama ce ta mayar da wannan nauyi inda ya dace, amma a rubuta shi a layinsa daban, domin ga asusun makaranta naira 24,000 ce da za ta fara fita kowane zango.

Idan aka haɗa, makaranta za ta kashe kusan naira 39,500 a zango don ta tsira da lokacin da darajarsa naira 18,500 ce. Ta fuskar kuɗi zalla, shawarar ba ta mayar da jarinta ba, kuma albashin malamin ba zai ragu ba don ya sami awa uku. Bai kamata a yi wa hedimasta rufa-rufa a nan ba. Basa zai gano cikin minti biyar. Hujjar a wani wuri take. Darussa 55 za su koma ɗakin kwamfuta. Mai neman gurbi da ya rubuto ranar Asabar da dare zai sami bayanin farko kafin ya tambayi makarantar da ke gaba; idan kuɗin zango naira 45,000 ne, ɗalibi ɗaya ya rufe kashewar, ko da yake ba wanda zai iya yin alkawarin zuwansa. Babbar hujjar kuwa ita ce lambar da shafin za su zama na makaranta.

Na wa ne shafin?

Shafi da yawa an buɗe su ne da asusun malami, lambar WhatsApp kuma layinsa ce, mai rajista da lambarsa ta NIN. Ranar da ya sami aiki a wani wuri, ko suka saɓa da mai makaranta, zai tafi da iyaye 400 a aljihu ko da ba da mugun nufi ba. Takardar ta nemi a sayi layi da sunan makaranta, a ba aƙalla mutum biyu cikakken iko a shafin Facebook, ɗaya daga cikinsu shugaban makaranta ko mai ita, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a ko'ina. WhatsApp na ba da damar haɗa na'urori har huɗu da lamba ɗaya, don haka basa zai iya amsa tambayoyin kuɗi daga kwamfutar ofis ba sai an miƙa masa waya ba.

Wannan kulle yana da alaƙa kai tsaye da kuɗin iyaye. 'Yan damfara kan kira mutum su ce ana taro ta intanet, ya karanto musu lambobi shida da suka shigo wayarsa. Da zarar ya karanto, sun ƙwace WhatsApp ɗin. Idan na makaranta ne, abin da zai biyo baya shi ne sanarwar "sabon asusun biyan kuɗin makaranta" a zauren da iyaye suka saba gaskatawa. Don haka amsar da aka ajiye ta kuɗi ta ƙunshi sunan asusun, ba lamba kaɗai ba, da jimla ɗaya: makaranta ba ta canja asusu ta waya, sai da takarda mai hatimi.

Abin da ba a barin na'ura ta taɓa

Jerin jira ba ya jin rediyo. Abin da aka sa masa ranar Alhamis zai fitar da shi ranar Talata ko da gari ya kife. A 13 ga Yulin 2025 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu, gwamnati ta ayyana Talata 15 ga wata a matsayin hutu, ranar da aka yi jana'izarsa a Daura. Duk makarantar da ta tsara "gobe jarrabawar lissafi" ko hoton wasan yara na wannan rana tun makon da ya gabata, kuma ba wanda ya leƙa, da ta yi abin kunya a bainar jama'a. A azumin 2025 ma jihohin Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi sun rufe makarantu na tsawon makonni, abin da ya isa ya rushe kalandar da aka tsara bisa lissafin da. Minti 15 ɗin leƙawa don irin wannan aka sa su, kuma dokar da za a rubuta a takardar mai sauƙi ce: duk ranar da aka yi rasuwa a makaranta ko a gari, ko gwamnati ta yi sanarwar ba-zata, abu na farko shi ne dakatar da jerin.

Gaisuwar azumi da ta Sallah a rubuta su a ajiye, amma kada a sa musu rana. Wata na iya yin 29 ko 30, kuma sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. Makarantar da ta yi wa iyaye barka da Sallah suna tsakiyar sahur za ta daɗe ana ba da labarinta.

Hotunan yara suna da doka a kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce idan za a dogara da amincewa wajen amfani da bayanan yaro, to amincewar iyaye ko mai riƙo ake nema, kuma hoton da ake gane fuskar yaro a ciki bayani ne a kansa. Awa huɗun da aka ware tun farko na wannan ne: takarda guda da uba ko uwa za su sa wa hannu, eh ko a'a, da babban fayil ɗin da hotunan da aka yarda da su kaɗai ke shiga. Wanda ke tsara mako guda a zama ɗaya yana sauri, kuma mai sauri daga abin da ke gabansa yake ɗauka, don haka tacewar a yi ta tun kafin hoto ya iso gabansa. A yankin da ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, akwai ƙarin ƙa'ida da ba ta buƙatar dogon bayani: labarin fita yawon buɗe ido, da wuri da lokaci, ba ya hawa shafin da kowa ke gani sai bayan yara sun dawo gida.

Sakamakon jarrabawar ɗalibi, bashin kuɗin makaranta, ƙorafi a kan malami, rashin lafiyar yaro, waɗannan ba su da amsa a ajiye. Ana ɗaga waya a kira.

Kuma takardar ta faɗi wanda tsarin ba zai kai gare shi ba. Akwai iyaye masu ƙaramar waya, akwai waɗanda saƙon murya suke ji ba rubutu ba. Wasiƙar jakar yaro tana nan, ba a kashe ta ba. Idan za a ƙara da saƙon tes na jimla, akwai wani ɗan tarko da ya shafi masu rubutu da Hausa: shafin tes ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70, saƙon shafi ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin ma haka. Sabis ma kan ɗauke. A 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun tsaya cak na kimanin awa shida a duniya baki ɗaya, a Satumban shekarar kuma an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara na tsawon makonni.

Yadda takardar za ta kasance

Shafi biyu sun isa. Na farko ya buɗe da buƙatar kai tsaye, da ladabin da ya dace: "Ranka ya daɗe, ina neman izini a gwada sabon tsarin tafiyar da shafukan makaranta na zango ɗaya. Zai ci naira 140,000 sau ɗaya na waya da batiri, da naira 8,000 a wata na data. Babu kuɗin manhaja. Ina sa ran ya dawo mana da awa 2 da minti 50 a mako daga mako na shida, waɗanda za su koma darussan kwamfuta na 'yan aji shida." Bayan wannan sai jadawalin da da na yanzu gefe da gefe, da abubuwan da mutum zai ci gaba da riƙewa. Shafi na biyu na kuɗi ne, da sunayen masu riƙe da mabuɗan asusai, da wanda zai sa hannu a kan abubuwan mako kafin su shiga jeri. Wannan sa hannu zai ci wa hedimasta ko mataimakinsa minti goma duk Alhamis, kuma a rubuta masa su, kada ya ji daga baya.

Yana da kyau a ba shi ƙaramin zaɓi kusa da babba: idan babu kuɗin waya a wannan zango, a sayi layi kaɗai, a fara da kwamfutar ofis da wata tsohuwar waya. Shugabanni da yawa sun fi saurin cewa to idan akwai abin da za su iya ragewa.

A ƙarshen zango malamin zai sake ɗauko littafin ya yi awon mako biyu kamar na farko. Idan ribar ba ta kai awa ɗaya ba, wurare biyu za a fara dubawa. Ko dai iyaye na sake tambaya bayan sun karɓi amsar da aka ajiye, alamar amsar ba ta fita sarai ba ko farashin da ke ciki ya tsufa. Ko kuwa sauƙin ɗorawa ya sa abu biyar na mako sun zama goma sha biyu, lokacin da aka tsira da shi ya koma inda ya fito. Na farko gyaran rubutu ne na rabin awa tare da basa. Na biyu kuwa sai hedimasta ya ƙayyade adadin abin da za a riƙa ɗorawa a mako, a rubuta shi a takardar zango mai zuwa.